Me ya sa cincin ɗina yake tauri kamar dutse maimakon ya yi garas-garas?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina yin cincin na sayarwa a Unguwar Sanusi a Kaduna, ina ƙullawa a leda ina kai wa shaguna. Kwaɓina shi ne fulawa kilo 2, rabin botar leda mai giram 250, sukari rabin kilo, ƙwai 2, bekin hoda cokalin shayi 1, sai in yi ta zuba ruwa har ya haɗu, in murza shi sosai ya yi santsi. Launinsa yana kyau, amma masu saye suna cewa yana neman karya musu haƙori. Da na gwada yanka shi da kauri don ya yi laushi, sai cikinsa ya koma kamar danƙo. Ni wanda ake tauna ana jin garas-garas nake so. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki sauya komai a kwaɓin, ɗauko ƙwaya ɗaya daga cikin wanda kika soya jiya, ki raba ta biyu da wuƙa ko da haƙori, ki fita da ita haske ki duba cikinta. Abin da za ki gani a nan ya fi duk bayanin da zan yi miki.

Cincin mai garas-garas cikinsa cike yake da 'yan ƙananan ramuka, kamar soso amma a bushe. Idan haƙori ya hau shi, bangayen da ke tsakanin ramukan nan siraruwa ne, sai su yi ta karyewa ɗaya bayan ɗaya, wannan karyewar ita ce ƙarar da kike ji a baki. Mai tauri kuwa cikinsa a cushe yake, sumul, ba rami, kamar an fasa tsakuwa. Haƙori ba ya samun wurin da zai fara ɓallewa, dole sai an danna da ƙarfi sannan ya fashe gaba ɗaya. Dukansu biyun busassu ne, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka abu ɗaya ne, wai mai tauri ya fi soyuwa ne kawai. Ba daɗewa a kasko ne ya raba su ba. Tun a roba aka raba su, lokacin kwaɓi.

Fulawar alkama tana da wani sinadari da ake kira gulutin. Muddin fulawar tana bushe ba ya yin komai. Da ruwa ya taɓa ta aka fara murzawa, sai ya fara haɗuwa yana zama zare-zare masu danƙo, kuma gwargwadon murzar gwargwadon ƙarfinsa. Ki tuna kwaɓin taliyar Hausa: fulawa, ruwa da gishiri, a murza a saka a inji, ta fito doguwa ba ta tsinke ba, idan ta bushe a kan igiya kuma ta yi ƙarau. Gulutin ne ya riƙe ta. Mai yin burodi shi yake nema, shi ya sa yake murza kwaɓinsa har ya gaji. Mafi yawan fulawar da muke auna a mudu a Kasuwar Barci ko a babbar kasuwa daga buhun masu burodi take fitowa, wato mai ƙarfin gulutin ce. Ke kuma mai cincin kaɗan kike so daga cikinsa, iya wanda zai riƙe ƙwayar kada ta watse a mai.

Abin da yake rage masa ƙarfi shi ne maiƙo. Idan kika murtsuke bota cikin busasshiyar fulawa, maiƙon yana lulluɓe garin, ruwa ba ya iya ratsa ko'ina, zaren gulutin sai ya fito gajere-gajere. Ki dubi gireba: mai ya yi mata yawa, ruwa kaɗan ne ko babu, shi ya sa tana shiga baki take narkewa ta zama gari. To ki sa taliya a wannan gefe, gireba a wancan. Cincin mai garas-garas yana tsakiyarsu, naki kuma ya karkata sosai wajen taliya.

Bari mu yi lissafin naki. Rabin leda giram 125 ke nan, a kan fulawa kilo 2. Kowane kilo ya samu giram 60 da 'yan kai. A yadda na saba aunawa, bota giram 50 zuwa 80 a kilo ɗaya cincin mai tauri take bayarwa, irin wanda yara suke tsotsa kafin su tauna. Daga giram 120 zuwa 150 nan ne garas-garas yake. Idan kika kai 200 zuwa 250, ya zama mai laushi mai marmashewa, ya kusa biskit. Abin da ya haura haka yakan fara dagargajewa a kasko, man ya yi kumfa, ki kwashe burɓushi. Ke nan ledar gaba ɗaya ya kamata ki juye a kilo biyun nan, ko ma ki ɗan ɗora da cokali biyu.

Na san abin da ya sa kika rage: bota ta yi tsada, kuma mai ƙulli a leda kowace naira lissafinta take. Amma ki duba wanda ake dawo miki da shi daga shago, da mai sayen da ya ɗanɗana sau ɗaya bai koma ba. Ni a ganina gara ki rage yawan ƙwayoyin da ke cikin ƙulli da ki rage bota. Sai dai ba zan ce ki haura giram 150 a kilo ba, domin naki zai shiga jaka, ya hau Keke Napep, a jibge shi a kan kanta wani a kan wani. Mai bota da yawa ba ya jure wannan, kafin ya isa hannun mai saye rabin ledar ta zama gari. Wanda za a kai wa tsofaffi ko a ajiye wa baƙi a faranti ranar Sallah, shi ne nake kai wa giram 180 ko 200. Na sayarwa 130 nake tsayawa.

Akwai abu biyu game da botar kanta. Na farko, ba kowace ce take da maiƙo iri ɗaya ba. Botar da aka yi don kek da gashi wajen kashi 80 cikin ɗari maiƙo ce, amma wasu na shafa wa burodi, masu taushi a cikin roba, an rage musu maiƙo an ƙara ruwa. Idan da irin wannan kika auna giram 130, kin samu maiƙo ƙasa da yadda kike zato, kin kuma ƙara ruwa ba ki sani ba. Ki juya bayan ledar ki karanta, ana rubutawa. Na biyu, yadda kika saka ta. Kada ki narkar da ita a wuta, kada kuma ki jefa ta bayan kin zuba ruwa. A cikin busasshiyar fulawa za ki murtsuke ta da yatsu har ta ɓace, garin ya koma kamar garin kwaki, idan kika dunƙula a tafin hannu ya ɗan riƙe sannan ya warware. Idan ruwa ya riga bota shiga, gulutin ya riga ya haɗu, botar za ta zauna ne a bayansa kawai ba ta hana shi komai ba. Wasu suna amfani da man gyaɗa a maimakonta. Yana yi, amma shi maiƙo ne zalla babu ruwa a ciki, don haka giram 100 zuwa 110 ya tsaya a madadin bota 130, kuma cincin ɗinsa ya fi karkata ga rugurgujewa, ƙamshin ma ba ɗaya ba ne.

Yanzu ruwa, wanda a nan ne na fi ganin masu yi suna ruɗewa, domin ta gefe biyu yake cizo. Idan ya yi kaɗan, kwaɓin yana tsagewa wajen murji, kuma a kasko babu isasshen tururin da zai buɗe cikinsa. Ki sani ruwan da ke cikin kwaɓi shi ne yake zama tururi idan ya haɗu da zafin mai, yana neman hanyar fita, yana barin ramukan nan da na ce ki duba. Busasshen kwaɓi cincin cusasshe yake haifarwa. Idan kuma ruwan ya yi yawa, gulutin ya samu abin da yake so, kwaɓin ya yi ta kama hannu da katako, sai ki yi ta barbaɗa fulawa don ki iya murzawa. Wannan fulawar ta barbaɗe ba ta ga bota ba, ba ta ga sukari ba. Ina kyautata zaton haka ta faru da ke. Mai zuba ruwa har ya haɗu, da ido, kusan kullum sai ta zarce, sannan ta gyara da gari. Kafin ki gama yanka kilo biyu wataƙila kin ƙara gwangwani biyu ko uku na fulawa, botar da dama ba ta isa ba ta ƙara raguwa.

Maganin wannan shi ne ki daina zuba ruwa da ido, ki kuma lissafa ƙwai a cikin ruwan. Ƙwai ɗaya ba tare da ɓawo ba wajen giram 50 ne, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne. Yadda nake yi, ina fasa ƙwan a cikin kofin awo, in kaɗa, sannan in cika da madara har ya kai mililita 350 ga kowane kilo na fulawa. Ba na juyewa duka lokaci ɗaya. Ina zuba wajen 300, in haɗa, in ga yadda garin ya karɓa, sannan in ƙara sauran da cokali idan yana so. Kwaɓin da ya yi daidai ya fi na burodi tauri, bai kai na taliya ba. Idan kika danna shi da yatsa shaidar yatsar tana zama, ba ya manne miki, idan kika naɗe shi biyu kuma ba ya tsagewa a gefe.

Madara ta fi ruwa zalla, ko ta gari ce kika dama. Tana kawo ɗan maiƙo, tana sa launi ya fito da kyau. Cokalin cin abinci uku ko huɗu na madarar gari a kilo ya wadatar ga na sayarwa. Ƙwai kuma ɗaya zuwa biyu a kilo. Gwaiduwa tana tausasa cincin, farin yana ɗaure shi, amma idan ƙwai ya yi yawa man suya zai yi ta kumfa har ya nemi zubowa, cincin ɗin kuma ya koma kamar kek, bayan kwana biyu ya saki. Naki ƙwai biyu a kilo biyu babu laifi, kina iya barinsa haka.

Sukarinki ma daidai yake, giram 250 a kilo. Abin da zan ce a kansa kawai, ki jiƙa shi a cikin madarar ya narke kafin ki zuba, domin ƙwayar sukarin da ba ta narke ba ita take fitowa ɗigo-ɗigo baƙi a jikin cincin. Kada kuma ki ƙara shi da nufin samun laushi. Sukari mai yawa yana sa waje ya yi ja tun ciki bai bushe ba, idan ya huce kuma ya yi ƙarau irin na alewa.

Bekin hodar ce ta yi kaɗan. Cokalin shayi ɗaya a kilo biyu kamar ba ki saka ba. Ki sa cokali ɗaya da rabi a kowane kilo, a shafe ba a tule ba, ki tankaɗe ta tare da fulawa. Ita ce take taya tururi buɗe ramuka. Kada ki wuce cokali biyu, in ba haka ba cincin zai kumbura ya fashe ya sha mai. Ki kuma gwada ta kafin ki yi amfani da ita, musamman wadda ta kwana a buɗe da damina: ɗan kaɗan a ruwan zafi, idan ba ta yi kumfa nan take ba ta mutu.

Sai murzar da kika ce kina yi har ya yi santsi. Wannan ki bar ta gaba ɗaya. Santsin nan da yake ba ki sha'awa alama ce ta gulutin ya ɗaure tamau. Ki haɗa kwaɓin kawai har garin ya ɓace ya zama curi ɗaya, minti biyu ko uku, ko da fuskarsa ba ta yi kyau ba. Ki rufe da leda ko roba ki bar shi minti 20 zuwa 30. A wannan hutun ruwan zai ratsa garin da kansa, zaren ya saki, idan kika dawo za ki tarar ya yi sumul ba tare da kin wahala ba. Alamar kwaɓin da ya sha murza ko bai huta ba ita ce ki murza shi a katako ya riƙa komawa baya yana tsukewa. Idan kika ga haka ki rufe shi ki ba shi minti goma, kada ki yi kokawa da shi.

Mu zo kan kauri, inda kika yi gwajinki na biyu. Tunaninki yana da hujja: mai kauri ya kamata ya fi laushi. Abin da ya faru shi ne kin musanya tauri ɗaya da wani. Suyar cincin busarwa ce. Zafi yana shiga daga waje, ruwa yana fita daga ciki, kuma dole ruwan tsakiya ya gama fita kafin bayan ya ƙone. Idan ƙwayar ta yi kauri, bayan yana yin ja ya yi ɓawo alhali tsakiya da sauran damshi. Kin kwashe saboda launi ya yi. Yana hucewa damshin tsakiyar ya bazu zuwa waje, ɓawon ya saki, cikin kuma da yake gulutin ya yi masa yawa ga ƙarancin bota, sai ya zama danƙon da kika gani. Irin wannan ba ya ma daɗewa, yana iya yin fumfuna a cikin leda. Idan kika raba shi za ki ga zobe: waje ja, tsakiya fari mai ɗan duhu kamar ɗanye.

Kaurin da nake murzawa milimita 4 zuwa 5 ne, wato rabin santimita ko ƙasa da haka kaɗan. Ki tuna zai tashi a mai ya kusa ninkawa, don haka abin da kike gani a katako ba shi ne zai fito ba. Idan ba ki da abin awo, ki ajiye fensir a gefen abin da kika murza: fensir wajen milimita 7 ne, naki ya zama bai kai shi ba a fili. Ko ki ɗora tsinken ashana biyu ɗaya a kan ɗaya, kusan kaurin ke nan. Abin da ya fi sauƙi ga mai yin da yawa, ki sa kafinta ya fere miki 'yan sanduna biyu masu kaurin rabin santimita, ki ajiye ɗaya dama ɗaya hagu, abin murjin ya riƙa hawa kansu. Ko'ina zai fito daidai. Rashin daidaiton nan matsala ce da kanta, domin hannu yakan sirantar da gefe ya bar tsakiya da kauri, a kasko ɗaya wasu su ƙone wasu ba su soyu ba. Faɗin yankan kuma kamar santimita ɗaya, kada ya wuce ƙumbar ƙaramin yatsa da yawa.

Idan kika sirantar da shi zuwa milimita 2 ko 3 za ki samu wani abu daban, mai ƙaras-ƙaras irin na dublan kafin a tsoma shi a sukari. Kin ga dublan ba shi da maiƙo mai yawa a kwaɓi amma ba ya karya haƙori, saboda sirantarsa. Wannan yana nuna miki cewa bota da kauri tare suke tafiya: duk lokacin da kika rage bota, dole ki rage kauri da girman yanka. Mai son manyan ƙwayoyi kuma dole ta ƙara bota ta rage wuta. Naki na farko bota kaɗan ne, na biyu bota kaɗan ga kauri, shi ya sa na biyun ya fi muni.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba, gefe-gefen da ake tattarawa bayan yanka a sake curawa a murza. Sun sha murza sau biyu, sun sha barbaɗe sau biyu, kullum sun fi sauran tauri. Su ne 'yan ƙwayoyin da mai saye yake ci karo da su a cikin ƙulli mai kyau. Ki tara su wuri ɗaya, ki bar su su huta, ki murza su da siranta fiye da sauran, ki soya su daban a ƙarshe. Wajen hana mannewa kuma, ɗan shafa mai a katako ya fi barbaɗa gari, ga shi ba ya ɓata man suya.

Suya ba ta gyara kwaɓin da ya lalace, amma tana iya lalata mai kyau. Zafin da ake so digiri 170 zuwa 180 ne a ma'aunin salshiyas. In babu ma'auni, ki jefa ƙwaya ɗaya: ta nutse, cikin 'yan daƙiƙu ta taso tana tsirtar da kumfa a hankali. Idan ta zauna a ƙasa shiru man bai yi ba, cincin zai sha mai ya yi nauyi. Idan ta taso nan take ta fara ja, ya yi yawa, za ki samu zoben nan ko da kaurin daidai ne. Kada ki cika kaskon, domin zubi mai yawa yana kashe zafin mai. A wannan girman yakan ɗauki minti biyar zuwa bakwai kina juyawa. Ki fi sauraron kasko a kan kallon launi: da farko yana ta ƙara da kumfa saboda ruwa yana fita, idan kumfar ta ragu ƙarar ta lafa, ƙwayoyin suna ƙwanƙwasa matsami kamar tsakuwa, ya bushe. Ki kwashe tun yana ruwan zuma mai haske, zai ƙara duhu a kwando. Kuma kada ki yanke masa hukunci da zafi. Cincin mai zafi kullum da ɗan laushi, sai ya huce sarai, bayan kamar rabin awa, ainihinsa yake fitowa.

Yanayin garin nan ma yana shiga kwaɓi. Da hunturu fulawa tana bushewa, takan nemi ƙarin cokali biyu ko uku na ruwa, bota tana daskarewa ta ƙi murtsukuwa, kwaɓin da aka bari a buɗe kuma yana yin ɓawo cikin 'yan mintuna. Na taɓa yin cincin na garar wata amarya a Kawo cikin watan Janairu, muka yanka tire-tire muka jera a tsakar gida muna jiran mai soyawa ta gama da dublan. Kafin a zo kansu iska ta busar da su, suka ƙi tashi a mai, suka fito a tsuke da tauri, alhali kwaɓin da na saba ne ban sauya komai ba. Tun daga ranar ba na yanka fiye da abin da kasko biyu zai ɗauka, sauran yana rufe. A zafin Maris da Afrilu kuma bota tana narkewa tun a hannu, kwaɓin ya yi maiƙo ya saki, har ki yi zaton ruwa ne ya yi yawa ki ƙara gari. Ba gari yake so ba, sanyi yake so. Ki kwaɓa da sassafe, da ruwan sanyi. Da damina matsalar bayan suya take: sukari yana jan damshin iska, cincin da aka bari a buɗe ya kwana ya saki. Ki baza shi a faranti ya huce gaba ɗaya sannan ki ƙulle nan take. Idan kuma kika ƙulle da sauran ɗumi, gumin da zai yi a leda zai yi masa irin wannan ɓarnar.

To ga yadda kwaɓinki na kilo biyu zai koma. Ki tankaɗe fulawar da bekin hoda cokalin shayi 3, gishiri cokalin shayi 1, da gyaɗar ƙamshi idan kina sakawa. Ki murtsuke bota giram 260 zuwa 280 a ciki, wato leda guda da ɗan ƙari. A kofin awo ki kaɗa ƙwai biyun, ki cika da damammiyar madara zuwa mililita 700, sannan ki juye a wata roba ki narkar da sukarin rabin kilo a ciki. Ki rage kamar rabin kofi a gefe, ki zuba sauran, ki haɗa, ki ƙara daga wanda kika rage sai in garin ya nema. Hutu rabin awa a rufe. Ki raba shi gida shida ko takwas, ki riƙa ɗaukar ɗaya kina murzawa a rabin santimita.

Amma kada ki fara da kilo biyun. Fulawa ta bambanta daga buhu zuwa buhu, bakin masu sayenki ma ke kika san shi. Ki auna fulawa giram 250 sau uku a roba uku, komai iri ɗaya sai bota: ta farko giram 25, ta biyu 35, ta uku 45. Ki murza su a kauri ɗaya, ki soya daban-daban, ki bar su su kwana a rufe, da safe ki ba mutanen gida ba tare da kin faɗa musu wanne ne wanne ba. Wanda suka zaɓa, ki ninka botarsa sau huɗu, shi ne awonki na kilo, sai dai na sayarwa kada ya haura giram 150 ɗin da na faɗa. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin idan ba ki da shi, domin mudu da gwangwani suna sauyawa da yadda aka danna garin.

Wanda kika riga kika soya kuwa, mai danƙon ciki yana da magani idan bai kwana biyu ba kuma bai sauya wari ba: ki baza shi a tire ki saka a obin mai sassauƙan zafi, wajen digiri 120 zuwa 130, na minti 15 zuwa 20, ya ƙarasa bushewa. Zai ɗan yi tauri amma zai ciwu. Mai taurin dutsen ba ya gyaruwa, sai dai a sha shayi ko kunu da shi a gida. Idan kuma akwai sauran ɗanyen kwaɓi irin na da a ajiye, ki bar shi ya huta sosai, ki murza shi siriri kamar na dublan, milimita 2 zuwa 3, ki yanka ƙanana ki soya a wuta matsakaiciya, ki tsaya a kansa domin siriri ba ya jira.